Jimillar bashin shagon Bappa ta koma #VALUE!, ku taimaka min in gano gidan da ya ɓata lissafin

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe wa Bappana lissafin shagonsa na hatsi a nan Gombe, a Excel nake rubutawa tun farkon kaka. Tsarin ba wani mai wuya ba ne. C yawan buhu, D farashin buhu ɗaya, E kuɗin kaya, F abin da mutum ya biya, G abin da ya rage a kansa. A E da G na sa waɗannan, na ja su har layi na 312:

```
=C2*D2
=E2-F2
```

A can ƙasa, G313, akwai jimillar bashin da muke bi:

```
=SUM(G2:G312)
```

Na yi tafiyar kwana biyar na bar wa ƙanena kwamfutar. Yau na buɗe, G313 na nuna #VALUE! kawai. Na goge fomular na sake rubutawa sau uku, ba ta canza ba. Bappa na son sanin jimillar kafin Juma'a don zai tura a karɓo kuɗi. Ta ina zan fara?

Baban_Biyu:
Wa alaikumus salam. Faɗaɗa layin G ɗin kawai. Lambar ce ta yi wa gidan yawa, ni ma ya sha yi min haka.

Ƴar_Azare:
Baban Biyu, wancan da kake nufi shi ne idan gida ya cika da ##### zalla. Nasa rubutu ne ya fito, #VALUE!, ko ya faɗaɗa har Kano ba zai tafi ba.

Injiniyan_Tumfure:
Abu mai sauƙi. Ka naɗe fomular G da wannan, ka ja ƙasa, an wuce wurin:

```
=IFERROR(E2-F2,0)
```

Ni duk takardun da nake yi haka nake musu tun daga farko, ban taɓa ganin wannan saƙon ba.

Akanta_Jekadafari:
Ɗan Tudun Hatsi, kada ka yi abin da Injiniya ya ce tukuna, zan dawo kan dalili. Kuma ka daina taɓa G313, ba ta da laifi. SUM ba ta damuwa da rubutu, idan ta tarar da kalma a cikin jerin da aka ba ta tsallakewa take yi. Abin da ba ta iya tsallakewa shi ne gidan da shi kansa ya riga ya zama #VALUE!. To a wani wuri tsakanin G2 da G312 akwai irin wannan gidan, ita kuwa jimilla ɗauko saƙon ta yi ta kawo maka ƙasa.

Asalin abin daga alamar debewa ko ta ninkawa yake. Su ba sa tsallake komai. Idan ka ce a debe F daga E, kuma abin da ke F ba lamba ba ne, Excel zai gwada mayar da shi lamba, in ya kasa sai ya ba ka #VALUE!.

Ka danna kan layin farko, ka je Data, ka kunna Filter. Buɗe kibiyar G, cire alamar Select All, ka gangara ƙarshen jerin ka zaɓi #VALUE! kaɗai. Ka faɗa mana layi nawa suka rage, kuma a kowanne ka duba ko E lafiyarta ƙalau. In E na nuna lamba, matsalar tana F. In E ma ta lalace, sai mu koma C da D.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Allah ya saka da alheri Yallaɓai. Uku suka fito: 58, 143 da 201. Dukkansu E na nuna kuɗi daidai. Na 58 na ga abin da ido, ƙanena ya rubuta "bai biya ba" a F58. Na goge, G58 ta dawo. Amma sauran biyun sun ɗaure min kai. F143 na nuna 450,000 sarai, ba harafi ko ɗaya. F201 kuma babu komai a ciki, fayau yake kamar sauran gidajen waɗanda ba su biya ba, su kuma ba su kawo matsala ba.

Hajiyar_Kanti:
Ikon Allah, "bai biya ba". Yarinyar da ke taya ni ita kuma ɗan layi take sawa, wai alamar babu. Sai da na yi mako ina zargin kwamfutar.

Malamin_Firamare_Wunti:
F143 ɗin nan lambar da aka ajiye a matsayin rubutu ce. Duba kusurwar gidan ta sama a hagu, za ka ga ɗan koren alwatika. Ka zaɓi duk layin F, ka danna dama, Format Cells, ka zaɓi Number. Shi ke nan.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Malam na yi, ba abin da ya canza. Kuma babu koren abin a gidan.

Akanta_Jekadafari:
Malam ya kama gefen gaskiya, rubutu ne a F143. Amma abu biyu. Format Cells riga kawai yake canza wa gida, ba ya taɓa abin da ke ciki, rubutun da aka riga aka shigar yana nan a rubutunsa. Na biyu, lambar da aka ajiye a matsayin rubutu, in dai tsabtatacciya ce, ba ta kawo #VALUE! a debewa. Excel na iya juya ta da kansa a lokacin lissafin. Tunda wannan ta gagare shi, akwai wani abu manne da ita wanda ido ba ya gani.

Samu gidan da ba komai, misali J1 da J2, ka rubuta:

```
=LEN(F143)
=LEN(F201)
```

LEN ƙirga haruffan da ke cikin gida take yi, har da waɗanda ba a gani. Kafin ka duba amsa, ga abin da ya kamata ka sa rai. In 450000 lamba ce ta gaskiya, 6 za ka gani, domin waƙafin da ke tsakiya ado ne kawai, ba ya cikin lambar. In rubutu ne da aka buga da waƙafinsa, 7. Duk abin da ya haura 7, akwai baƙo. Gidan da babu komai kuwa dole ya ba da 0.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
F143 ya ba da 8. F201 ya ba da 1!

Ƴar_Azare:
To 201 an kama shi. Ƙanenka ya so goge wani abu sai ya danna dogon maɓallin tazara ya buga Enter, maimakon Delete. Mutane da yawa haka suke "gogewa". Gidan da babu komai da gaske Excel na ɗaukarsa sifili a debewa, shi ya sa na sauran waɗanda ba su biya ba suke tafiya lafiya. Amma tazara ɗaya rubutu ce, kuma ba za ta juyu ta zama lamba ba. Danna gidan ka buga Delete.

Injiniyan_Tumfure:
Na 143 ma ai tazarar ce ke nan a ƙarshe. TRIM za ta share ta.

Akanta_Jekadafari:
Ina shakka, Injiniya. Tazarar da ake bugawa da hannu a bayan lamba ba ta cika hana Excel juyawa ba. A tambayi harafin da kansa sunansa:

```
=CODE(RIGHT(F143,1))
```

RIGHT ta ciro harafin ƙarshe, CODE ta faɗi lambarsa. Tazarar kibod 32 ce. In ka ga 160, to wata irin tazara ce da ake yawan kwasowa idan aka kwafo lamba daga shafin intanet ko imel ko wata manhaja. A ido ba ta da bambanci da ta kullum, amma TRIM ba ta san ta ba, 32 kaɗai take cirewa. CLEAN ma ba ta taɓa ta.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
160 ne wallahi. Na kira yaron, ya ce mutumin ta banki ya turo kuɗin, shi kuma don kada ya yi kuskuren sifili sai ya kwafo adadin daga bayanin asusu ya manna. Ka ga niyyarsa mai kyau ce.

Akanta_Jekadafari:
Tunda gida ɗaya ne, kada ka wahalar da kanka. Goge F143, ka tabbata Format Cells ɗinsa ba a kan Text yake ba, ka buga 450000 da hannunka, ba waƙafi ba alamar naira. Da a ce suna da yawa, sai a buɗe wani layi a gefe a sa wannan a ja ƙasa:

```
=IF(F143="",0,VALUE(SUBSTITUTE(F143,CHAR(160),"")))
```

sannan a kwafe sakamakon a manna kan F ta Paste Special, Values.

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi kan IFERROR. Ɗan Tudun Hatsi, me ke C143 da D143?

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Buhu 20 na masara, a kan 38,000. Wani mutumin Kumo ne. E143 na nuna 760,000.

Akanta_Jekadafari:
Madalla. Ya biya 450,000, saura 310,000 a kansa. Da ka bi shawarar farko, G143 za ta nuna 0, jimilla ta fito tsaf ba wani ja, Bappa ya duba ya ga mutumin Kumo ya gama biya. Dubu ɗari uku da goma sun bi ruwa, kuma ba abin da zai sa wani ya koma ya duba layin. Haka na 58 da na 201, waɗanda ba su biya ko sisi ba, duk za su koma 0. Wannan #VALUE! ɗin da ya ɓata maka rai shi ne ya tsare kuɗin.

Injiniyan_Tumfure:
Na yarda a nan bai dace ba. Amma kada a mayar da IFERROR dodo. Akwai takardar da za ka miƙa wa oga, ba zai yiwu ya buɗe ya ga kurakurai birjik ba. Kuma in matsalar sifili ce, ga wata hanya da ba ta ɓoye bashin:

```
=E2-N(F2)
```

N na mayar da kowane rubutu sifili, sai bashin ya fito cikakke.

Ƴar_Azare:
Cikakke fiye da kima dai. A layin 58 da 201 zai yi daidai, amma a 143 zai ce mutumin Kumo bai biya komai ba, a tura yaro ya je neman 760,000 wurin wanda ya riga ya tura 450,000. Ka san yadda irin wannan ke ƙarewa a kasuwa, ciniki na shekaru sai ya mutu a kan abin da ba laifin kowa ba.

Malamin_Firamare_Wunti:
Ku bari in shigo da tawa tunda an zo nan. A takardar sakamakon ɗalibai, wanda bai zo jarrabawa ba ABS muke rubuta masa, haka hukumar makaranta ke so. Da ina haɗa makin gwaji da na jarrabawa da alamar tarawa, duk yaron da ke da ABS sai #VALUE!. Na koma SUM, komai ya lafa. To ni a wurina rubutu a cikin layin lamba ba kuskure ba ne, dole ce. Me za ku ce?

Akanta_Jekadafari:
Naka daban ne Malam, kuma SUM ta dace da kai, domin ka san rubutun, kai ka sa shi, kuma tsallakewar kake so. Abin lura ɗaya: ranar da wani malami ya buga 4O da harafin O a maimakon 40, SUM za ta tsallake shi shiru kamar yadda take tsallake ABS, yaro ya rasa maki arba'in. Alamar tarawa da ta yi ihu.

Malamin_Firamare_Wunti:
Wannan kuma gaskiya ne, ya taɓa faruwa, uwar yarinyar ce ta gano da ta zo da takardar jarrabawar a hannu. Amma duk da haka ba zan koma alamar tarawa ba, aji mai yara saba'in ba zan zauna ina bin kurakurai ɗaya bayan ɗaya ba.

Baban_Biyu:
Ni fa har yanzu ban gane abin da ya hana a sake buga takardar gaba ɗaya ba. Layi ɗari uku ai aikin dare ɗaya ne.

Hajiyar_Kanti:
Baban Biyu, a sake buga layi ɗari uku cikin dare da barci a ido, a gyara kuskure uku a haifi goma.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Alhamdu lillahi G313 ta dawo, na cire Filter ɗin ma. Amma ga wata sabuwa. Na ce bari in gwada, na tara E duka, na tara F duka, na debe. Abin da ya fito ya fi G313 da 120,000 cif. Ai ya kamata su zo ɗaya ko? Kuma babu #VALUE! ko ɗaya yanzu.

Akanta_Jekadafari:
Ya kamata, kuma ka kyauta da ka gwada. Wannan shi ne irin wanda Malam ya ambata ɗazu, lamba tsabtatacciya da ke zaune a matsayin rubutu. A layinta debewa ta juya ta ta yi aiki da ita, shi ya sa G daidai take. Amma SUM ta layin F ta gan ta a rubutu ta wuce. Wato wani ya biya 120,000, an rage masa a bashinsa, amma kuɗin ba su shiga jimillar abin da aka karɓa ba. Filter na G ba zai nuna maka shi ba tunda babu kuskure a fili. Yi waɗannan biyun:

```
=COUNTIF(F2:F312,"*")
=MATCH("*",F2:F312,0)
```

Tauraron nan yana nufin kowane irin rubutu, lambobi na gaskiya ba sa amsa shi. Ta farko za ta faɗa maka gidaje nawa ne rubutu, ta biyu ta faɗi matsayin na farkonsu. Ka lura, daga F2 take fara ƙirga, don haka ka ƙara 1 a kan amsar kafin ka sami lambar layi.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Ta farko 1, ta biyu 95. Na je F96, ga 120000 da ɗan koren alwatikan da Malam ya faɗa. Da na danna sai na ga wata ƴar alama kamar waƙafin sama a gabanta. Na zaɓi Convert to Number, yanzu lissafin biyu sun haɗu. Wannan ma ba ƙanena ba ne, tun watan jiya yake, ni ne.

Malamin_Firamare_Wunti:
To ashe koren nawa yana nan, gida kawai na ɓata.

Ƴar_Azare:
Abin da ya ba ni mamaki, ya aka yi ba ka gan shi ba tun tuni? Rubutu hagu yake jingina, lamba dama. Da kallo ɗaya ake ganewa.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Na tsakaita layukan lambobin ne don su yi kyau idan an buga a takarda.

Ƴar_Azare:
Ai kuwa ka rufe wa kanka ido. Layin kuɗi a bar shi yadda ya zo, ko don wannan.

Mai_Kwamfuta_Bolari:
Na makara, amma ga hanyar da nake bi a shago idan an kawo min irin wannan, ba sai da fomula ba. Zaɓi F2 zuwa F312, danna F5, sai Special, zaɓi Constants, ka cire alama daga Numbers da Logicals da Errors ka bar Text kaɗai, OK. Duk gidan da ke da rubutu zai haskaka a lokaci guda, har mai tazara ɗaya ɗin nan. Kafin ka danna ko'ina ka zuba musu launin rawaya, sai ka bi su a nutse. Da huɗun nan duka sun fito tashi ɗaya, har da F96. In babu ko ɗaya zai ce maka No cells were found. Ka yi wa C da D ma.

In kuma fomula ce doguwa mai jawo gidaje biyar ko shida, ba ka san wanne ba ne, akwai Evaluate Formula a ƙarƙashin Formulas. Tana bin lissafin taki-taki, za ka ga gidan da ƙimarsa ta fito cikin alamar zance, daga nan sai #VALUE! ya biyo.

Hajiyar_Kanti:
Mu masu yi a waya fa? Ni ban da F5.

Mai_Kwamfuta_Bolari:
Hajiya, COUNTIF da MATCH ɗin da Akanta ya bayar suna aiki a waya. Ko ki sa wannan a layin gefe ki ja ƙasa, duk inda ya ce TRUE nan ne:

```
=ISTEXT(F2)
```

Dattijon_Dukku:
Ina bin ku tun safe. Nawa bai yi kama da na yaron nan ba. Ɗana ya gyara min takarda don kada layukan da ba a cika ba su riƙa nuna sifili, ya sa wannan a E:

```
=IF(C2="","",C2*D2)
```

Tun daga ranar, duk layin da ba a cika ba G ɗinsa #VALUE! ne. Na yi abin F5 ɗin nan yanzu a kan E, ya ce ba a sami komai ba. LEN ma 0 take ba ni.

Akanta_Jekadafari:
Ranka ya daɗe, alamun zance biyun nan da ba komai a tsakaninsu, rubutu ne a wurin Excel, rubutu mai tsawon sifili. Shi ya sa LEN ta ce 0 amma debewa ta ƙi. F5 bai gan shi ba saboda Constants abin da aka buga da hannu yake nema, naka kuwa fomula ce ta haifar da shi. A wannan akwatin ka zaɓi Formulas ka bar Text, za su fito. ISTEXT ma za ta ce TRUE.

Ni da zan gyara, sai in mayar da E yadda take, ta riƙa ba da sifilinta, in ɓoye sifilin ta Format Cells, Custom:

```
#,##0;-#,##0;;@
```

Gidan zai zama kamar babu komai a ido, amma lamba ce a ciki.

Mai_Kwamfuta_Bolari:
A nan na saɓa da kai, Akanta. In ya sa wannan rigar a G ma, wanda ya gama biya da layin da ba a cika ba duk za su zama fari, ba a bambancewa. Gara Baba ya bar E yadda ɗansa ya yi, ya sa wa G irin gadin:

```
=IF(E2="","",E2-F2)
```

SUM ta ƙasa za ta tsallake su ba matsala.

Akanta_Jekadafari:
Zai yi aiki. Sai dai duk layin da aka ƙara nan gaba mai jawo G da alamar lissafi, shi ma sai an sa masa gadi, ranar da aka manta a dawo nan. A E kaɗai na ce a ɓoye sifilin.

Dattijon_Dukku:
To, zan nuna wa yaron duka biyun idan ya dawo daga makaranta, shi ya zaɓa.

Injiniyan_Tumfure:
Ɗan Tudun Hatsi, kafin ka sake barin wa ƙanenka kwamfuta, sa Data Validation a C, D da F. Allow ka zaɓi Decimal, greater than or equal to, 0. In ya buga "bai biya ba" zai ƙi karɓa.

Ƴar_Azare:
Zai tare "bai biya ba", amma ba zai tare na 143 ba. Abin da aka kwafo aka manna ba ya bi ta ƙofar Data Validation. Ni dai da zan ba da shawara, ya buɗe wa yaron layin H ya rubuta masa "Bayani" a kai, duk surutun da yake son yi ya yi a can. Sannan COUNTIF ɗin nan ta zauna dindindin a sama kusa da kan takarda inda ido ke kaiwa, in ta tashi daga 0 a san an yi baƙo.

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Na sa duka, na kuma mayar da layukan kuɗi yadda suka zo. Na gwada COUNTIF a C da D, D ta ba da 0, C ta ba da 2, amma E na waɗannan layukan lafiya lau, wato irin na F96 ne. Zan bi su bayan la'asar. Tambaya ta ƙarshe Yallaɓai: A fa, wurin kwanan wata? Na ga wasu sun jingina hagu wasu dama, kuma Bappa ya fara cewa in ƙara masa layin da zai nuna kwana nawa bashi ya yi a kan mutum.

Akanta_Jekadafari:
Duba min waɗanda suka jingina hagun. Ranarsu duk ta haura 12?

Ɗan_Tudun_Hatsi:
Eh. 13, 18, 25, irin su.

Akanta_Jekadafari:
To kwamfutarka wata take sa ran gani kafin rana, kai kuma rana kake fara bugawa. Waɗanda suka haura 12 ta rasa watan da za ta ba su ta bar su a rubutu, su ne za su ba ka #VALUE! ranar da ka debe su daga TODAY. Na daman sun fi ba ni tsoro, 5 ga watan 11 ta karanta shi 11 ga watan 5 ba ta ce uffan ba. Kada ka ƙara layin kwanakin tukuna. Kai wa Bappa jimillarsa, gobe ka turo hoton layi goma na farko na A, ka rufe sunayen mutane.